Layi Uku Sun Isa: Yadda Ake Tsara Jadawalin Farashi da na Lokuta

A duk rahoton da aka kawo gaban kwamiti, shafin da ke ɗauke da kuɗi shi ake fara buɗewa. Shugaba zai tsallake gabatarwa da godiya, ya dire a kan jadawali, ya sa yatsa yana bin lambobi. Abin da yake nema bai wuce amsar tambaya ɗaya ko biyu ba: wanne ya fi tsada, wanne ya tashi, yaushe za a fara, yaushe za a gama. Idan jadawalin ya tsaru, zai samu amsar kafin ya gyara zaman tabaransa. Idan bai tsaru ba, sai ka ji an ce, "Sakatare, karanto mana." Daga lokacin da aka ce a karanto jadawali da baki, to aikin da aka zana shi dominsa ya riga ya lalace, domin an ƙirƙiro shi ne don a hutar da baki da kunne, a bar ido ya yi kwatance da kansa.

Abin mamaki shi ne, jadawalin da ya fi wahalar da mutane sau da yawa shi ne wanda mai shi ya fi shan wahala a kansa. An kewaye kowace lamba da akwati, an yi wa kanun ruwan toka, an tsayar da komai a tsakiya, an maƙala alamar naira a gaban kowane adadi, an bi shi da ɗigo da sifili biyu. Ga kyau daga nesa. Amma ka matso ka nemi abin da ya fi arha, sai ka tsinci kanka kana ƙirga lambobi ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce ma'ajin wata makarantar kwana ne zai gabatar wa kwamitin abinci farashin kayan masarufi biyar, kamar yadda ya same shi a kasuwar hatsi irin ta Dawanau a watanni uku: Janairu, Afrilu da Yuli. Alƙaluman da za mu yi aiki da su na misali ne kawai, ba farashin wata shekara ba ne. Kwamitin yana son ya san abin da ya kamata a saya da yawa tun da kaka a ajiye, da abin da za a iya bari a riƙa saye kaɗan-kaɗan. Wannan tambayar ita ce za ta yanke hukunci a kan komai na jadawalin, tun daga abin da zai zo a sama har zuwa abin da za a bari a waje. Wanda bai san tambayar da jadawalinsa zai amsa ba, zai zuba duk abin da ke cikin littafin ajiyarsa, sunan dillali da ranar ciniki da lambar rasit, ya bar wa mai karatu aikin tsinta.

Babbar magana ita ce zaman lambobi. Kowa ya tuna yadda malamin lissafi a firamare yake nacewa a kan a ɗora ɗaiɗai a kan ɗaiɗai, gomomi a kan gomomi, ɗaruruwa a kan ɗaruruwa. Dalilin shi ne darajar lamba tana ga gidan da ta zauna, kuma gidajen nan daga dama ake fara ƙirga su. Saboda haka idan aka jingina lambobi da gefen dama, tsawon adadi shi kansa yana faɗin girmansa. Wanda ya fi miƙowa hagu shi ya fi yawa, ba sai an karanta ba. Dubi waɗannan adadi uku, an rubuta su sau biyu:

```
95,000          95,000
9,500            9,500
104,500        104,500
```

A jerin hagu, tara ta 9,500 tana zaune daidai ƙarƙashin tara ta 95,000, kai ka ce sa'o'in juna ne, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau goma. Kuma 104,500, wanda ya fi su duka, ya fara da ɗaya, sai ido mai gaggawa ya ɗauka shi ne ƙarami. A jerin dama kuwa waƙafi ya hau kan waƙafi, kowa ya zauna a matsayinsa. Tsayar da lambobi a tsakiya, wanda shi mutane suka fi so don yana kama da tsabta, ya fi jingina su hagu muni, domin kowane adadi yana gocewa da rabin lamba, babu gidan da ya dace da wani. Hanya mafi sauƙi ta gane ko jadawali ya daidaita ita ce a bi waƙafin dubbai da ido daga sama zuwa ƙasa. In ya sauko a miƙe, an dace. In yana tangaɗi, akwai gyara.

Jingina dama kaɗai ba ya wadatarwa idan akwai ɗigo. A ce nauyi ake rubutawa: 2.5 da 12.75 da 100. In aka tura su dama haka nan, biyar ɗin da ke bayan ɗigo a 2.5 za ta hau kan sifilin ƙarshe na 100, an koma gidan jiya. Maganin shi ne kowane adadi a jeri ɗaya ya samu lambobi daidai wa daida a bayan ɗigo: 2.50, 12.75, 100.00. A Excel, ana zaɓar jerin a ba shi ɗaya daga cikin waɗannan sigogi, na farko ga kuɗin da babu kobo, na biyu ga wanda yake da shi:

```
#,##0
#,##0.00
```

A Word kuma, ana zaɓar jerin a danna Align Right. Wanda yake son ɗigo ya hau kan ɗigo ko da lambobin baya ba su zo daidai ba, akwai abin da ake kira Decimal tab, ana dasa shi a kan ma'aunin da ke saman shafi, sai lambobin su rataya a kansa. Abin da bai kamata a yi ba shi ne tura lamba da maɓallin tazara har sai ta yi kamar ta daidaita. A kan allo za ta yi kyau, amma ranar da aka buɗe takardar a wata na'ura ko aka canza girman rubutu, komai zai watse. Akwai wata alama kuma da Excel ke bayarwa kyauta: shi da kansa yana jingina lamba dama, rubutu hagu. In ka shigar da adadi ka ga ya maƙale a hagu, to bai ɗauke shi a matsayin lamba ba, mai yiwuwa an buga harafin O a gurbin sifili ko an haɗa shi da wata alama, kuma lokacin tara jimla zai tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba.

Salon haruffa ma yana da hannu a ciki, kodayake mutane kaɗan ne ke lura. A wasu salo kowace lamba faɗinta ɗaya da 'yar'uwarta, ɗaya ta ci wuri daidai da takwas. Times New Roman da Arial haka suke, shi ya sa jerin kuɗi ke miƙewa a cikinsu. A wasu kuma, irin su Georgia, lambobin ba su kai juna faɗi ba, wasu ma suna leƙowa ƙasan layi wasu suna ɗagawa sama. Suna da daɗin gani a cikin zube, amma a jadawali suna karkatar da jeri. Gwajin ba wuya: rubuta 1111, a ƙarƙashinsa ka rubuta 8888. In sun ƙare wuri ɗaya, salon ya dace da lissafi.

Sai batun layuka. Na san wannan shi ne inda za a yi mini gardama, domin a ofisoshinmu jadawalin da babu akwatuna ana ganinsa kamar aikin da ba a gama ba. Al'adar tana da asali. A littafin ajiya da ake rubutawa da hannu, layin tsaye shi ke hana hannu gocewa, shi ke raba naira da kobo. Haka fom ɗin da za a ba mutum ya cike yana buƙatar akwatuna, don ya san inda zai sa alƙalami. Rajistar ɗalibai ma haka. Amma jadawalin da aka buga don a karanta ba wanda zai rubuta komai a cikinsa, na'ura kuma hannunta ba ya rawa. Idan lambobin sun daidaita, su da kansu sun zama layin tsaye, kuma farin da ke tsakanin jeri da jeri ya isa iyaka. Ƙara baƙin layi a kai tamkar kallon tsakar gida ne ta tagar da aka yi wa ƙarafa: ana gani, amma ido sai ya riƙa tsallake wani abu kafin ya kai ga abin da yake nema. Jadawalin ma'ajinmu mai sahu shida da jeri biyar, in aka yi masa cikakken akwati, zai ɗauki layuka bakwai a kwance da shida a tsaye, goma sha uku ke nan, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san farashin gero.

Ba'amurken nan Edward Tufte, wanda ya koyar a Jami'ar Yale, ya yi suna da wannan ra'ayi a littafinsa The Visual Display of Quantitative Information na 1983. Abin da ya tsaya a kai shi ne a duba tawadar da aka zuba a shafi, a tambayi nawa ce daga ciki take ɗauke da bayani, sauran kuma a goge ta gwargwadon hali. Mujallun kimiyya da yawa a kan wannan tsari suke tafiya: layi ɗaya a sama da kanu, siriri ɗaya a ƙarƙashin kanu, ɗaya a ƙarshen jadawali, babu na tsaye ko ɗaya. In akwai jimla, a ƙara siriri a samanta, domin shi wannan yana da ma'ana, yana cewa an gama lissafo kaya, ga abin da suka tashi. A Word, ana zaɓar jadawalin duka a danna No Border, sannan a mayar da waɗannan ukun da Top Border da Bottom Border. Aikin minti biyu ne.

Akwai wani dalili da ya shafi yadda takardunmu ke yawo. Rahoto ba ya tsayawa a kan allon wanda ya rubuta shi. Ana buga shi, a yi hoton kwafi, a yi kwafin kwafin, wani ya ɗauki hotonsa da waya ya tura wa ɗan kwamitin da bai samu zuwa ba. A kowane mataki layuka suna ƙara kauri, ƙananan lambobi suna ƙara dusashewa, ruwan tokan da aka shafa wa kanu yana rikiɗewa ya zama baƙi ya haɗiye rubutun da ke kansa. Jadawali mai baƙin rubutu a kan farar takarda da sarari isasshe shi ke isa ƙarshen wannan tafiya da ransa. Saboda haka ne ma bai kamata launi kaɗai ya ɗauki ma'ana ba. In ka ce ja yana nufin farashi ya tashi, kore ya sauka, injin kwafi zai mayar da su toka iri ɗaya.

Ga yadda jadawalin ma'ajin zai kasance bayan an share shi:

```
Farashin buhu ɗaya, da naira (alƙaluman misali)
------------------------------------------------
Kaya      Janairu   Afrilu     Yuli   Ƙari (%)
------------------------------------------------
Masara     54,500   57,000   71,000         30
Wake       95,000  104,500  121,000         27
Gero       62,000   66,500   78,000         26
Dawa       58,000   60,000   69,500         20
Gishiri     9,500    9,500    9,800          3
------------------------------------------------
Ƙari: daga Janairu zuwa Yuli.
```

Da kallo ɗaya kwamiti ya samu amsarsa. Masara da wake da gero su ne za a tara tun da wuri, gishiri kuwa ba gaggawa. Amma wannan sauƙin bai zo haka kawai ba, akwai shawarwari da aka yanke waɗanda ba a gani.

Na farko shi ne jeranto kayan. Ba a bi baƙaƙe ba, ba a kuma bi yadda suka zo a littafin ajiya ba. An jera su ne daga wanda ya fi tashi zuwa wanda bai motsa ba, domin tashin farashi shi ne abin da aka zo tattaunawa. Masanin ƙididdiga Andrew Ehrenberg, a wata maƙala mai suna Rudiments of Numeracy da ya gabatar a Birtaniya a 1977, ya ba da shawarar a riƙa jera sahu bisa girman adadi, ya kuma nuna cewa kwatanta lambobi daga sama zuwa ƙasa ya fi sauƙi a kan kwatanta su daga hagu zuwa dama. Dalilin a fili yake. A tsaye, lambobin farko na kowane adadi suna kusa da juna, ido yana zamewa a kansu. A kwance kuwa sai ya yi tsalle ya wuce wutsiyar wani adadi kafin ya kai kan na gaba. Saboda haka abin da ka fi son a kwatanta, sa shi a jeri ɗaya a tsaye. Da a ce jerin farashin shago ne mai kaya ɗari biyu, inda kowa ke zuwa neman abu guda da ya riga ya san sunansa, to bin baƙaƙe ko rarraba kaya gida-gida ya fi. Jadawalin nema daban, na kwatance daban.

Na biyu shi ne jerin ƙarshe, wanda babu shi a littafin ajiya. Ma'aji ne ya zauna ya fitar da shi: masara ta tashi daga 54,500 zuwa 71,000, bambancin 16,500 ne, in aka raba da farashin farko ya ba da kashi 30 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. Da an bar wa 'yan kwamiti su yi da ka, da sun ce wake ne ya fi tashi, tunda ya ƙaru da naira 26,000. Gaskiya ne a kuɗi, amma a kan kowace naira da aka kashe a Janairu, masara ta fi shi riba in an ajiye. Kuma an rubuta 30 ne, ba 30.28 ba. Ehrenberg ya yi ta jan hankali a kan cewa mutum ba ya iya riƙe dogayen lambobi a ka yana kwatantawa, lambobi biyu masu ma'ana sun isa a mafi yawan lokuta. Sai dai a yi hattara da inda wannan shawara ta tsaya. Tana aiki a rahoton da ake son a ga inda abubuwa suka dosa. Ba ta aiki a takardar neman kwangila, ko lissafin albashi, ko bayanin kuɗin da mai bincike zai bi da rasit. A can ko kobo ba a taɓawa. Kuma duk inda aka taƙaita lambobi sannan aka tara, jimla tana iya saɓawa da ɗaya, kamar kashi uku na 33 da suka tashi 99. Sai a faɗa a ƙasa cewa an taƙaita, kafin wani dattijo mai kalkuleta ya ce an ci kuɗi.

Ka lura kuma babu jimla a ƙasan wannan jadawali. Tara farashin buhun wake da na gishiri ba ya ba da wani adadi mai amfani. Mutane suna sa jimla ne don sun ga kamar ita ce rufin jadawali. Wurinta shi ne inda aka lissafo abin da aka saya da abin da aka biya.

Alamar naira ta fita daga cikin gidajen ta koma take, sau ɗaya maimakon sau goma sha biyar. Sifilan kobo ma sun tafi, tunda ba wanda ke cinikin buhu da kobo. Kanun kowane jeri ya bi abin da ke ƙarƙashinsa: na rubutu a hagu, na lambobi a dama. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa, sai ka ga "Afrilu" yana shawagi a tsakiya, lambobinsa suna can dama sun fi kusa da "Yuli". Tunda an cire layukan tsaye, wannan daidaito shi ne kaɗai ke gaya wa ido wane kanu ne na wane jeri. Kuma kada a ja jadawali ya cika faɗin shafi don kawai a cike wuri. In tazarar da ke tsakanin sunan kaya da farashinsa ta yi yawa, ido yana ɓacewa a hanya ya faɗa sahun maƙwabci. Ƙaramin jadawali a bar shi ƙarami.

Duk da haka akwai rauni a takensa da ɗan kasuwa zai gani nan take. Wane buhu? Buhun gishiri ba nauyinsa ɗaya da na gero ba, kuma ko a hatsi, tiya da mudu da kwano suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. In rahoton zai fita daga garin da aka rubuta shi, dole a faɗi ma'auni, ko a ƙara jeri guda a gaban sunan kaya mai nuna kilo nawa ne a buhun. Haka idan an kwatanta da kasuwar Maraɗi ko Damagaram. A Nijar kuɗin sefa ne, kuma bakin kasuwa da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. Wanda ya ji "ɗari" a bakin mai kaya ya rubuta 100 a jerin sefa ya rage farashi sau biyar, domin 500 ake nufi. Rubutun lambar ma ya bambanta: a tsarin Faransanci da ake bi a Nijar, tazara ke raba dubbai, waƙafi kuma shi ne ɗigo. Abin da ɗan Kano zai rubuta 12,500.50, ɗan Maraɗi zai rubuta 12 500,50. Saboda haka 1,250 yana iya zama dubu da ɗari biyu da hamsin a wannan gefen iyaka, ya zama ɗaya da kwata a wancan. A zaɓi tsari ɗaya a rahoto, a faɗe shi, kuma kada naira da sefa su haɗu a jeri guda.

Gidan da babu komai shi ma magana ne. A ce a Afrilu ba a samu zuwa tambayar farashin dawa ba. In aka rubuta 0, an ce kyauta ake bayarwa, kuma Excel zai sa sifilin cikin lissafin matsakaici ya ja shi ƙasa. In aka bar wurin fayau, mai karatu zai ɗauka mantuwa ce. Sai a sa gajeren jan layi, a bayyana a ƙasa cewa yana nufin ba a samu farashi ba.

Jadawalin lokuta yana bin duk waɗannan ƙa'idoji, sai dai yana da nasa tarkon. Matsalar tsohuwa ce. Tun 1839 George Bradshaw ya fara buga littafin lokutan jiragen ƙasa a Manchester, littafin ya yi farin jini, amma ya kuma yi ƙaurin suna wajen wahalar karantawa saboda cunkoson lambobi da alamomi. Tsarin da aka saba gani a irin waɗannan jadawalai ya wanzu har yau: tashoshi a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace tafiya da jerinta, ta yadda mai karatu zai sauko da yatsa kamar yana cikin motar. Ga misali na motocin wata ƙungiya, lokutan na kwatance ne:

```
Lokutan mota, Litinin zuwa Juma'a
--------------------------------------
Tasha            Ta 1    Ta 2    Ta 3
--------------------------------------
Kano, tashi     06:30   09:05   14:00
Zariya, isa     08:45       -   16:15
Kaduna, isa     10:15   12:30   17:45
--------------------------------------
- : ba ta tsayawa.
```

An yi amfani da agogon awa 24 don a kauce wa maimaita "na safe" da "na yamma" a kowane gida, an kuma sa sifili a gaban awannin da ba su kai goma ba, don ɗigo biyun nan su sauko a miƙe. Kowane lokaci ya cika lambobi huɗu, babu "9" tsirara a gefen "11:45". An faɗi wanne ne tashi, wanne ne isa, domin wannan shi ne abin da ke sa mutum ya iske mota ta tafi. Amma mai tsarawa ya dubi masu karatunsa. In iyayen yara ne a ƙauye za su duba lokacin rigakafi, 14:00 zai sa wani ya tsaya lissafi. A nan gara a raba jadawalin gida biyu, a sa "Safe" a kan rukunin farko, "Yamma" a kan na biyu, a rubuta 2:00 yadda kowa ya saba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne gauraya tsarin biyu a shafi ɗaya. Kwanan wata ma a rubuta sunan watan: 3/4 a wurinmu uku ga Afrilu ne, amma na'urar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi huɗu ga Maris, kuma ba za ta nemi izini ba.

Dogon jadawali shi ne inda masu son layuka suke da hujja mafi ƙarfi. Ɗauki na lokutan sahur da buɗa-baki da ake rabawa da azumi: sahu talatin, lambobin kusan iri ɗaya, bambancin yau da gobe minti ɗaya ko babu. Ido yana iya zamewa daga ranar 17 ya faɗa ta 18 cikin sauƙi. Amma in aka ja layi a ƙarƙashin kowace rana, an samu layuka talatin masu kama da juna, ba wanda ya zama alama. Abin da ke taimako shi ne a tara sahun rukuni-rukuni, a bar ɗan sarari bayan kowane biyar, sannan a ja siririn layi bayan kowane goma. Mutum zai san yana rukuni na huɗu, sahu na biyu, ba tare da ya ƙirga daga sama ba. Rabon ma ya zo daidai da yadda mutane suka riga suka kasa watan a bakinsu, goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Wasu suna shafa launi mai haske a sahu ɗaya su tsallake ɗaya. A kan allo yana aiki, a takardar da za ta sha kwafi kuwa sarari ya fi aminci.

In jadawali ya zarce shafi ɗaya, kanunsa ya sake fitowa a saman shafi na gaba, in ba haka ba mai karatu zai riƙa juya takarda yana tambayar jeri na uku na mene ne. A Word, ana zaɓar sahun kanu a danna Repeat Header Rows. In kuma gajere ne, kada a bari ya rabe biyu, gara a tura shi duka shafi na gaba ko da an bar fari a ƙasa. A ba shi lamba da take a samansa, a faɗi ranar da aka ɗauki farashin da kasuwar da aka ɗauka a ƙasansa, domin jadawali yakan rabu da rahotonsa ya yi yawo shi kaɗai a wayoyin mutane, wata shida bayan farashin ya canza.

Kafin a kai wa kwamiti, a buga shi a takarda, a yi masa kwafi ɗaya, a miƙa kwafin ga wanda bai san komai game da aikin ba, masinja ko malamin da ke ofishin kusa. A yi masa tambaya guda: wanne ya fi tashi, ko ƙarfe nawa motar ƙarshe ke isa Zariya? A lura da yatsansa. In ya tafi kai tsaye, an gama. In ya tsaya a wani wuri, ya koma sama ya duba kanu, ko ya ɗauko biro ya shimfiɗa a ƙarƙashin sahu don kada ya ɓace, to wurin da ya tsaya ɗin nan shi za a koma a gyara.